Lotsawar bim: tambayoyi da amsoshi kan fito da ita daga ikweshan ɗin momen da sharuɗɗan madogari

Ɗaliban injiniyanci da masu duba aikin gini kan yi waɗannan tambayoyi idan aka zo lissafin yadda bim yake lotsawa a ƙarƙashin kaya. Bim ɗaya za mu riƙe har ƙarshe don kada lambobi su yi yawa: bim na ƙarfe mai siffar I, tsawonsa mita 4, mai E = 200 GPa da I = 2000 cm⁴. Wannan ya yi kusa da IPE 200, wanda I ɗinsa 1943 cm⁴ ne. E ita ce taurin ƙarfen, I kuma ma'aunin yadda siffar yankan bim take jure lanƙwasa. Idan aka ninka E da I na bim ɗinmu, EI = 4000 kN·m². Harafin x shi ne nisa a kan bim, y kuma lotsawarsa a wannan wuri, M shi ne momen lanƙwasa.

Idan bim ba zai karye ba, mene ne na damuwa da lotsawarsa?

Karyewa daban, lotsawa daban. Bim yana iya ɗaukar kayansa lafiya lau, amma ya yi ciki har filastan silin ya tsage, ko ƙofar da ke ƙarƙashinsa ta daina rufuwa, ko ruwan sama ya riƙa kwanciya a tsakiyar rufi. Shi ya sa ka'idojin gini suka sa iyaka. Ka'idar ƙarfe ta Birtaniya ta da, BS 5950, wadda aka janye a 2010, ta ce bim da ke ɗauke da filasta kada lotsawarsa a ƙarƙashin kayan amfani ta wuce tsawonsa a raba 360. A bim ɗinmu na mita 4, wannan milimita 11.1 ke nan. Abin da muke nema a dukan lissafin nan shi ne mu san ko mun tsaya a ƙasa da wannan adadi.

Daga ina EI y'' = M ta fito?

Idan bim ya lotsa, samansa yana matsewa, ƙasansa yana miƙewa, a tsakani kuma akwai layin da tsawonsa bai canza ba. Gwargwadon nisan wuri daga wannan layi, gwargwadon yadda yake miƙewa ko matsewa. Idan aka haɗa wannan da dokar Hooke, aka tara ƙarfin da ke kan dukan fuskar yankan bim, sai a samu cewa tanƙwarar bim a kowane wuri ita ce M a raba da EI. Inda momen ya yi yawa, nan bim ya fi tanƙwara. Inda momen sifili ne, bim a miƙe yake a wannan ɗigo, ko da ya sauka ƙasa.

A lissafi, cikakkiyar fomular tanƙwarar layi ita ce y'' a raba da (1 + y'²)^(3/2). Amma bim na gini ba ya karkata sosai. Za mu gani nan gaba cewa karkatar bim ɗinmu a gefe 0.0067 ce kawai, kuma idan aka ninka ta da kanta ta zama 0.00004. Watsar da wannan ɗan abu ba ya kawo kuskuren da ya kai ko kashi 0.01 cikin ɗari. Sai ikweshan ɗin ya koma haka:

```
EI y'' = M(x)
```

Ana danganta wannan ka'ida da Leonhard Euler da dangin Bernoulli, kuma ta daidaita wajajen 1750. Galileo ya riga su taɓa matsalar bim da aka kafe a bango tun 1638, amma shi karyewa ce ta dame shi, bai kai ga siffar lotsawa ba.

Me ya sa sai an yi integireshan har sau biyu?

Saboda abin da momen ya ba mu y'' ne, mu kuwa y muke so. Integireshan na farko yana ba da y', wato karkatar bim a kowane wuri. Na biyu yana ba da y, lotsawar kanta. Kowane ɗaya yana zuwa da tsayayyen adadi da ba mu sani ba, na farko C1, na biyu C2.

A nan ne mutane da yawa ke ɗaukar C1 da C2 a matsayin tarkacen lissafi da ake son a rabu da su. Ba haka ba ne, suna da ma'ana a jikin bim. Idan ka sa x = 0 a ikweshan ɗin da aka rubuta da x zalla, za ka ga C1 ita ce EI sau karkatar bim a mafarinsa, C2 kuma EI sau lotsawarsa a mafarin. Momen ya faɗa mana siffar lanƙwasar kawai. Bai faɗa mana a wane tsayi wannan lanƙwasa take ba, bai kuma faɗi ta wane gefe ta jirkice ba. Ka ɗauki baka na maharbi a hannu: lanƙwasarsa ɗaya ce ko ka ɗaga shi sama, ko ka sauke shi, ko ka karkatar da shi. C2 ita ce ɗagawa da saukewa, C1 ita ce karkatarwa. Madogarai ne suke kama wannan lanƙwasa su tsayar da ita wuri guda.

To, mene ne sharaɗin kowane irin madogari?

Kafin ka rubuta komai, ka tambayi kanka: me wannan madogari ya hana bim yi?

Madogari mai fin ko mai rola ya hana bim sauka, bai hana shi juyawa ba. Saboda haka y = 0 a wurin, amma y' ba sifili ba ce, kuma kada ka sa ta sifili. Bim da aka aza kawai a kan bango biyu haka ake ɗaukarsa. Kafaffen gefe, wato wanda aka binne sosai a cikin kankare ko aka yi masa walda mai ƙarfi da ginshiƙi, ya hana duka biyun: y = 0 kuma y' = 0. Gefen da ke lilo babu madogari bai hana komai ba, don haka ba ya ba da sharaɗi a kan y ko y'. Abin da aka sani a can shi ne momen sifili ne, kuma wannan ya riga ya shiga tun lokacin rubuta M(x).

Bim mai madogari biyu yana ba da sharaɗi ɗaya a kowane gefe. Kantiliba, wato bim da aka kafe a gefe ɗaya ɗayan gefen yana lilo, yana ba da duka biyun a gefe ɗaya. Ko ta yaya dai, sharaɗi biyu ne, adadin da ake nema ma biyu.

A nuna mana misali tun daga farko har ƙarshe.

Mu aza bim ɗinmu a kan madogari biyu, A a hagu da B a dama, da kaya shimfiɗe bai ɗaya, kiloniyuton 10 a kan kowace mita. Jimlar kaya kiloniyuton 40 ce, kowane madogari yana ɗaukar 20.

Mu yanka bim a nisan x daga A mu dubi ɓangaren hagu. Martanin A yana tura sama da 20 a nisan x. Kayan da ke kan wannan ɓangare 10x ne, kuma tsakiyar nauyinsa tana nisan x/2 daga wurin yankan. Sai mu rubuta momen, mu yi integireshan sau biyu:

```
EI y'' = 20x − 5x²
EI y'  = 10x² − (5/3)x³ + C1
EI y   = (10/3)x³ − (5/12)x⁴ + C1·x + C2
```

Sharaɗi na farko: a x = 0, y = 0. Duk abin da ke ɗauke da x ya ɓace, saura C2, don haka C2 = 0. Sharaɗi na biyu: a x = 4, y = 0.

```
0 = 213.33 − 106.67 + 4·C1
C1 = −26.67
```

Tun kafin a ci gaba, C1 ta riga ta gaya mana wani abu. Karkatar bim a A ita ce −26.67 a raba 4000, wato radiyan −0.0067, kimanin digiri 0.38. Alamar mainos tana nufin bim yana gangarawa ƙasa yayin da yake barin A, kuma abin da ido yake tsammani ke nan.

Lotsawa mafi girma tana inda karkata ta zama sifili. Da yake kaya da madogarai daidai suke hagu da dama, tsakiya ce. Mu gwada: a x = 2, 40 − 13.33 − 26.67 = 0. Ya yi. Yanzu lotsawar:

```
EI y = 26.67 − 6.67 − 53.33 = −33.33
y = −33.33 / 4000 = −0.0083 m
```

Milimita 8.3 zuwa ƙasa. Iyakarmu 11.1 ce, bim ya wuce. Da mun bi matakan nan da haruffa a maimakon lambobi, da mun fito da sananniyar fomular nan ta 5wL⁴/384EI da ke cikin kowane tebur, inda w shi ne kaya a kan kowace mita, L kuma tsawon bim. Ka sa lambobin a ciki ka gani: 5 × 10 × 256 a raba da 384 × 4000, amsa ɗaya ce.

Ashe C2 sifili ce kullum?

A'a, kuma wannan zato yana kayar da ɗalibai fiye da komai. Ta zama sifili a sama ne domin mun fara auna x daga wurin da bim ba ya sauka. Kantiliba zai nuna bambancin.

Mu yanke bim ɗin ya zama mita 2, mu kafe shi a bango kamar na baranda, da kaya iri ɗaya na kiloniyuton 10 a kowace mita. Idan aka fara x daga bakin da ke lilo, momen yana da sauƙin rubutawa, domin babu martanin madogari a ɓangaren da aka yanka. Bim ɗin yana lanƙwasa ne da doronsa sama, saboda haka momen mainos ne.

```
EI y'' = −5x²
EI y'  = −(5/3)x³ + C1
EI y   = −(5/12)x⁴ + C1·x + C2
```

Bango yana x = 2, duka sharuɗɗan biyu a can suke. Daga y' = 0, C1 = 13.33. Daga y = 0, muna da −6.67 + 26.67 + C2 = 0, wato C2 = −20. Ga shi nan, C2 ba sifili ba ce, ita ce ma amsar da muke nema: lotsawar baki −20 a raba 4000, milimita 5. Wannan ya dace da wL⁴/8EI.

Da ka fara x daga bango, C1 da C2 duka sifili za su zama, amma momen zai fi tsawo wajen rubutawa, −5(2 − x)². Zaɓi naka ne. Ni na fi son farawa daga bakin da ke lilo, domin babu buƙatar lissafa martani, amma sai ka tuna cewa sharuɗɗan suna can ɗaya gefen.

Wani abin lura: da kantiliban ya kai mita 4, lotsawar za ta kai milimita 80, kusan ninki goma na bim mai madogari biyu. Ƙarfe ɗaya, kaya ɗaya, tsawo ɗaya, ikweshan ɗaya. Sharuɗɗan madogari kaɗai suka canza.

Littafina ya rubuta EI y'' = −M. Wanne ne daidai?

Duka biyun. Wanda ya ɗauki y zuwa sama a matsayin fulos, kuma momen da ke sa bim ya yi ciki fulos, zai rubuta M babu mainos, lotsawa ta fito masa da mainos. Wanda ya ɗauki y zuwa ƙasa a matsayin fulos zai rubuta −M. Matsala tana zuwa ne idan ka fara da tsarin wani littafi ka ƙarasa da na wani.

Idan kaya a wuri ɗaya yake, ba a shimfiɗe ba fa?

Nan aikin yake ƙaruwa, domin ikweshan ɗin momen ba ɗaya ba ne a duk tsawon bim. Mu koma bim na mita 4 mai madogari biyu, mu cire kayan da aka shimfiɗa, mu aza kiloniyuton 20 a mita 3 daga A, kamar a ce wani bim ne ya sauka a kansa. A yana ɗaukar 5, B yana ɗaukar 15. Kafin a kai wurin kayan, M = 5x. Bayan an wuce shi, M = 5x − 20(x − 3).

Hanya ta farko ita ce a yi wa kowane ɓangare nasa integireshan. Za a samu adadi huɗu da ba a sani ba, sharuɗɗan madogari kuwa biyu ne. Sauran biyun suna fitowa daga cewa bim bai tsinke ba kuma bai karye ya yi kusurwa ba a ƙarƙashin kayan: a x = 3, y na hagu daidai yake da y na dama, y' ma haka. Hanyar tana aiki, amma idan kaya uku ne, ɓangarori huɗu ke nan da adadi takwas, sai takarda ta cika.

Hanya ta biyu ita ce wadda ake kira da sunan Macaulay, wanda ya bayyana ta a 1919, ko da yake Clebsch ya riga shi kawo dabarar a Jamus tun 1862. Ana rubuta ikweshan ɗaya tak da baka mai kusurwa, bisa yarjejeniyar cewa duk lokacin da abin da ke cikin bakar ya zama mainos, a ɗauke shi sifili.

```
EI y'' = 5x − 20⟨x − 3⟩
EI y'  = 2.5x² − 10⟨x − 3⟩² + C1
EI y   = (5/6)x³ − (10/3)⟨x − 3⟩³ + C1·x + C2
```

Doka ɗaya ce ba a karyawa: kada a buɗe bakar. Ana yi mata integireshan a dunƙule, ⟨x − 3⟩ ta koma ⟨x − 3⟩²/2. Dalili shi ne, a haka duk abin da kayan ya ƙara yana farawa daga sifili a daidai x = 3, don haka haɗuwar ɓangarorin biyu ta tabbata da kanta, C1 da C2 kuma suka zama ɗaya a hagu da dama. Wanda ya buɗe bakar ya rubuta x²/2 − 3x ya rushe wannan, amsarsa za ta fito da lambobi masu kyan gani amma ba daidai ba.

A x = 0 bakar mainos ce, a watsar da ita, C2 = 0. A x = 4, 53.33 − 3.33 + 4·C1 = 0, wato C1 = −12.5.

Lotsawa mafi girma tana ƙarƙashin kayan ke nan?

Ba a nan take ba. Momen mafi girma ne yake ƙarƙashin kayan. Lotsawa mafi girma tana inda y' = 0, kuma sai an nemo wurin. Mu yi zaton yana ɓangaren da ya fi tsawo, kafin x = 3, inda bakar ba ta aiki: 2.5x² = 12.5, x = 2.24. Amsar ta faɗo cikin ɓangaren da muka zata, don haka zaton ya tsaya. Da ta fito sama da 3, sai a sake da bakar a ciki.

A x = 2.24, EI y = −18.63, lotsawa milimita 4.66. A ƙarƙashin kayan, x = 3, milimita 3.75 ce kawai. A tsakiyar bim kuma, x = 2, milimita 4.58.

Dubi kusancin 4.58 da 4.66. Wannan ba dace ba ne. A bim mai madogari biyu da kaya guda, ko an tura kayan har dab da B, wurin lotsawa mafi girma ba ya wuce 0.577L daga A, wato mita 2.31 a namu, kuma bambancin lotsawar tsakiya da mafi girma ba ya kai kashi 3 cikin ɗari. Shi ya sa injiniya a ofis yakan lissafa ta tsakiya ya wuce. A jarrabawa kuwa, idan an ce a nemo wurin, sai an nemo.

Kayan da aka shimfiɗa ya tsaya a rabin hanya. Yaya ake yi da shi a hanyar Macaulay?

Baka mai kusurwa ta iya kunna abu, ba ta iya kashe shi ba. Kayan da ya fara a x = a yana shiga a matsayin −w⟨x − a⟩²/2 kuma yana ci gaba har ƙarshen bim. Idan a gaskiya ya ƙare a x = b, sai a bar shi ya ci gaba, a ƙara wani daidai da shi mai turawa sama daga b, wato +w⟨x − b⟩²/2, ya soke ragowar. Momen da aka ɗora a wuri ɗaya kuma ana rubuta shi da ⟨x − a⟩⁰, domin ya samu bakar da za a yi wa integireshan.

Idan madogarai sun fi abin da lissafin daidaito zai iya warwarewa fa?

A nan hanyar take nuna ƙarfinta. Mu kafe bim na mita 4 a bango a gefen dama, mu tokare gefen hagu da madogari mai rola, da kayan nan na kiloniyuton 10 a kowace mita. Daidaiton ƙarfi da na momen ba su isa su ba da martanin tokarin ba. Sai mu kira shi R mu bar shi a cikin ikweshan: M = Rx − 5x². Yanzu abin da ba mu sani ba uku ne, R da C1 da C2. Amma sharuɗɗa ma sun zama uku: y = 0 a wurin tokari, sannan y = 0 da y' = 0 a bango. Idan aka warware, R = 3wL/8, kiloniyuton 15, ba 20 ba. Bangon ya janye kaso mafi yawa. Lotsawa mafi girma kuma ta sauko kusan milimita 3.5.

Idan aka kafe gefe biyun duka, lotsawar tsakiya ta zama wL⁴/384EI, milimita 1.7, kashi ɗaya cikin biyar na ta farko. Kowane ƙarin madogari yana kawo martani ɗaya da ba a sani ba, yana kuma kawo sharaɗi ɗaya da zai biya shi.

Sai dai a yi hattara da wannan 1.7. A takarda, rubuta y' = 0 ba ya cin komai. A wurin gini, bim da aka tura ɗan bakinsa cikin bangon bulo aka liƙe da siminti bai kafu ba, yana juyawa, kuma lotsawarsa za ta fi kusa da 8.3. Idan kana shakkar yadda haɗin yake, ka lissafa lotsawa kamar fin ne. Ga kantiliba abin ya fi tsanani, domin duk ɗan juyawar da gindinsa ya yi ana ninka ta da tsawonsa: juyawar radiyan 0.002 a gindin kantiliba na mita 2 tana ƙara milimita 4 a baki, a kan 5 ɗin da muka lissafa.

Me ya fi tasiri a kan lotsawa: kaya, tsawo, ko girman bim?

Tsawo, nesa ba kusa ba. Momen na kayan da aka shimfiɗa yana tafiya da L², integireshan biyu kuma suka ƙara masa L biyu, ya zama L⁴. A ce mai gida ya ce a faɗaɗa falo daga mita 4 zuwa mita 5 a bar bim ɗin yadda yake. Momen zai tashi daga 20 zuwa 31.25 kN·m, matsin da ke cikin ƙarfen ya tashi daga 100 zuwa kimanin 156 MPa, wanda har yanzu yana ƙasa da 275 MPa inda ƙarfe S275 yake fara sakewa. Lotsawa kuwa za ta ninka sau 2.44 ta kai milimita 20.3, alhali iyakar mita 5 milimita 13.9 ce. Mita ɗaya tak, bim ya faɗi gwajin lotsawa. Maginan gargajiya na ƙasar Hausa sun san wannan da hannu, shi ya sa ba sa miƙa azara a kan faffaɗan ɗaki kai tsaye, sai sun rarraba rufin da baka ko ginshiƙi don kowace azara ta haye ɗan gajeren fili.

Bayan tsawo sai zurfin bim. Ga mai kusurwa huɗu, I = bh³/12. Katako mai milimita 50 da 150, idan aka tsayar da shi a kan siririn gefensa, I ɗinsa ya ninka na kwance sau 9. Sayen ƙarfe mai daraja sama kuwa ba ya rage lotsawa ko kaɗan, domin E na S275 da na S355 ɗaya ne.

Amsata ta fito mita 83, ko kuma wani ɗan abu da ba a gani. Ina na kauce?

Ma'auni ne. Tebur yana ba da I a cm⁴, E a GPa ko N/mm², kaya a kN/m. Santimita ɗaya 0.01 m ce, amma cm⁴ ɗaya 10⁻⁸ m⁴ ce. Hanya mafi tsafta ita ce a mayar da EI zuwa kN·m² tun farko, kamar yadda muka yi: 200 × 10⁶ kN/m² sau 2000 × 10⁻⁸ m⁴, ya ba da 4000. Daga nan komai a kiloniyuton da mita, a mayar da amsa milimita a ƙarshe.

Idan ma'auni daidai ne amma kana shakka, ka mayar da amsarka cikin sharuɗɗan: sa x na kowane madogari ka ga ko y ta koma sifili. Ka kuma duba M(x) kafin ka fara integireshan, domin idan bai ba da sifili a fin na ƙarshe ko a bakin da ke lilo ba, martanin da ka lissafa ne ba daidai ba, kuma duk abin da ya biyo baya ɓata tawada ne.

Shin wannan lissafi yana aiki a bim na kankare mai rodi?

Ikweshan ɗin yana nan, amma EI ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Da zarar momen ya wuce wani mataki, kankaren da ke gefen miƙewa yana tsagewa da ƙananan tsagu, rodi ya karɓi ja, I ta ragu sosai a wannan yanki alhali kusa da madogarai tana nan yadda take. Sannan kankare yana ci gaba da lotsawa a hankali shekara da shekaru a ƙarƙashin kayan da bai canza ba, har lotsawar ƙarshe ta kai ninki biyu ko uku na ta ranar da aka cire katakon tokari. Wanda ya ɗauki bh³/12 da E na kusan 30 GPa ya tsaya a nan zai samu adadi ƙarami da zai ruɗe shi.

Saboda haka ne BS 8110, wadda injiniyoyi da yawa a Najeriya suka koya kuma suke aiki da ita, ta bi ta wata hanya a aikin yau da kullum: ta sa iyaka a kan tsawo a raba da zurfin aiki na bim. Ga mai kusurwa huɗu, adadin tushe 20 ne idan madogari biyu ne, 26 idan bim ya zarce a kan madogarai da yawa, 7 kacal ga kantiliba, sannan a gyara su gwargwadon rodin da ke ciki. Tazarar da ke tsakanin 7 da 26 ita ce dai bambancin sharuɗɗan madogari da muka gani da lambobi a sama.

A ina kuma hanyar take gazawa?

Ta ɗauka cewa lanƙwasa ce kaɗai ke kawo lotsawa. A gajeren bim mai zurfi, wanda tsawonsa bai kai ninki goma na zurfinsa ba, ƙarfin yanka ma yana ƙara tasa, kuma gyaran da Timoshenko ya kawo a 1921 shi ake bi. Namu mita 4 ne a kan zurfin milimita 200, ninki 20, babu damuwa. Ta kuma ɗauka cewa ƙarfen bai wuce iyakar da zai koma yadda yake ba idan an sauke kaya, kuma karkata ƙarama ce.

Idan girman bim ya canza a hanya, misali an yi wa tsakiyarsa waldar ƙarin faranti, M/EI ake yi wa integireshan ɓangare-ɓangare da sharuɗɗan haɗuwa, domin hanyar Macaulay yadda muka yi ta tana buƙatar EI ɗaya daga farko har ƙarshe.

Yaya zan gwada lissafin da abin da ke tsaye a wurin gini?

Ka ɗaure siririn zare ka ja shi sosai daga ƙasan bim a madogari ɗaya zuwa ɗayan, da ɗan katako mai kauri ɗaya a kowane gefe don zaren ya rabu da bim, sannan ka auna tazara a tsakiya ka cire ta daga kaurin katakon. Wannan yana ba da lotsawa a kan layin madogarai, wanda shi ne y na lissafinmu. Amma a tuna cewa sabon bim ma ba lallai ya zo a miƙe sak ba, don haka awon da ya fi amfani shi ne bambancin kafin a ɗora kaya da bayan an ɗora.

Zaren ba zai nuna ko madogarin kansa ya nutse ba. Wannan sai da na'urar awon lebur, ko tiyo mai ruwa irin na magina, a gwada tsayin gefe biyun da wata alama da ba ta motsi. Idan B ya sauka da milimita 10, sharaɗin ya zama y = −0.010 a x = 4. A bim mai madogari biyu wannan C1 kaɗai yake canzawa, bim ya karkata gaba ɗaya, momen bai ƙaru ba. A wanda aka kafe a bango aka tokare, saukar tokarin da milimita 10 tana rage R da 3EIδ/L³, wato kusan kiloniyuton 1.9 daga cikin 15, momen da ke gindin bango kuma ya tashi daga 20 zuwa 27.5 kN·m.